Tsayayyen Inganci ko Ƙayyadadden Bitiret: Nazari kan Matse Bidiyon Lacca Domin Ɗalibai Masu Ƙarancin Data

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta hanyoyi biyu da manhajar x264 ke bi wajen rage girman bidiyo, wato tsayar da inganci a bar girma ya sauya, da kuma tsayar da girma a bar inganci ya sauya, ta kuma auna su a kan laccar da aka naɗa domin ɗaliban da ke kallo ta waya. Matsayin maƙalar shi ne tsayayyen inganci da aka yi wa iyaka daga sama ya fi dacewa da lacca, in ban da inda aka riga aka yanke girman fayil ɗin tun da farko.

Gabatarwa

Ɗalibin da ke karatu daga nesa yana fuskantar matsaloli biyu waɗanda akan cakuɗa su alhali maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce tsadar data, wadda ta ƙaru a Najeriya bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su yi ƙarin kuɗi da ya kai kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kuma abin da ke auna wannan matsala shi ne jimillar megabayit na fayil. Ta biyu ita ce raunin sabis, abin da ke auna ta kuwa shi ne mafi yawan bayanan da bidiyon ke nema a sakan guda a wurin da ya fi nauyi, domin ƙaramin fayil ma yana iya tsaitsayawa idan akwai minti biyu a cikinsa da suka fi ƙarfin layin.

Ma'aunin da ya haɗa matsalolin biyu shi ne bitiret, wato adadin bit ɗin da ake kashewa a kan kowane sakan na bidiyo, wanda akan ƙirga da kilobit. Alaƙarsa da girman fayil lissafi ne kai tsaye:

```
MB = kbps × sakan ÷ 8000
```

Ke nan laccar awa guda, mai sakan 3600, wadda aka matse a kan kilobit 300, za ta ci megabayit 135.

Yadda hanyoyin biyu suke aiki

Tsarin H.264, wanda aka kammala a 2003 kuma kusan kowace wayar hannu ke iya buɗe shi, ba ya adana kowane hoto cikakke. Yakan adana hoto ɗaya a cike, sannan a hotunan da ke biye ya rubuta abin da ya sauya kaɗai, saboda haka hoton da ba ya motsi yana da araha ƙwarai, mai motsi da yawa kuma yana da tsada.

A hanyar tsayayyen inganci, wadda x264 ke kira `crf`, mai aiki yana ba da lamba tsakanin 0 da 51, inda ƙaramar lamba ke nufin kyan hoto da girman fayil, kuma idan bai zaɓa ba manhajar takan ɗauki 23. Daga nan manhajar ke kashe wa kowane sashe gwargwadon abin da yake buƙata kafin ya kai wannan mataki, ba tare da ta damu da jimilla ba. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce ƙarin 6 a kan lambar yana rage girman da kusan rabi. A hanyar ƙayyadadden bitiret kuwa, mai aiki yana faɗin matsakaicin da yake so, manhajar ta raba shi. Idan aka yi hakan da zagaye ɗaya, manhajar tana rabon ne ba tare da sanin abin da ke gaba ba, shi ya sa akan yi zagaye biyu, na farko domin nazarin bidiyon daga farko zuwa ƙarshe, na biyu domin rabon.

Akwai kuskuren da ya kamata a kawar tun a nan, wato zaton cewa ɗaya daga cikin hanyoyin ta fi iya matsewa. A x264, idan zagaye biyu da `crf` suka ƙare a girma ɗaya, ingancin hotonsu kusan ɗaya ne, domin tushen lissafin rabonsu guda ne. Abin da mai aiki yake zaɓa shi ne wanne zai sani tun kafin a fara, girman ko ingancin.

Abin da ya bambanta lacca

Lacca ba ta da nauyi iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Silaid ɗin da aka naɗa kai tsaye daga fuskar kwamfuta yana iya tsayawa minti uku bai sauya ba, kuma a wannan lokaci kusan babu abin da za a rubuta sai kibiyar linzami. Da zarar an koma ga kyamara, malami yana zirga-zirga a gaban allo, sai buƙatar ta ninka sau da yawa. Mafi muni shi ne ɗakin da ba shi da isasshen haske, inda kyamara ke cika hoton da hatsi-hatsi masu sauyawa a kowane firem, manhajar kuma ba ta da hanyar sanin cewa waɗannan ba darasi ba ne, don haka takan kashe masu data kamar yadda za ta kashe wa rubutun allo.

Wannan rashin daidaito ne ke fallasa raunin kowace hanya. Tsayayyen inganci yana cin riba sosai a kan silaid, amma a ɗaki mai duhu ko da kyamarar da ke rawa a hannu, lamba ɗaya za ta iya haifar da fayil da ya ninka na wata laccar sau da dama. Ƙayyadadden bitiret kuma yana cika alkawarin girma ko da ba a buƙatar hakan, ta yadda idan aka ba laccar silaid zalla kilobit 300, manhajar za ta yi ta ƙoƙarin kashe su a kan gyaran da ido ba zai gani a fuskar waya ba, ɗalibi kuma shi zai biya. Ban da haka, matsakaici ba iyaka ba ne, domin zagaye biyu yana da damar kwashe abin da ya rage daga silaid ya zuba a sashen kyamara har ya wuce ƙarfin layin mai kallo.

Misali a aikace

A ƙaddara laccar minti 60, wadda minti 40 nata silaid ne, minti 20 kuma malami ne a gaban allo. Alƙaluman da ke biye na lissafi ne domin bayani, kuma na kowace lacca za su bambanta.

Sauti ne ya kamata a fara warewa, saboda sau da yawa a nan ake asarar da ba a lura da ita. Kilobit 128 na sauti yana cin megabayit 57.6 a awa, alhali muryar mutum ɗaya a layi guda tana fita sarai a kilobit 48, wato megabayit 21.6. Idan sashen karatu ya yanke cewa kowace lacca kada ta wuce megabayit 100, jimillar bitiret ɗin ita ce kilobit 222, a cire 48 na sauti a bar ɗan rara, sai hoto ya samu 170:

```
ffmpeg -i lacca.mp4 -vf fps=15,scale=-2:720 -c:v libx264 -b:v 170k -pass 1 -an -f null /dev/null
ffmpeg -i lacca.mp4 -vf fps=15,scale=-2:720 -c:v libx264 -b:v 170k -pass 2 -c:a aac -ac 1 -b:a 48k fita.mp4
```

Sakamakon zai kusanci megabayit 100, ko laccar ta buƙaci haka ko ba ta buƙata ba. Hanya ta biyu ita ce a tsayar da inganci a kan 28, a kuma hana bitiret wuce kilobit 250:

```
ffmpeg -i lacca.mp4 -vf fps=15,scale=-2:720 -c:v libx264 -preset slow -crf 28 -maxrate 250k -bufsize 500k -c:a aac -ac 1 -b:a 48k -movflags +faststart fita.mp4
```

Idan silaid ya tsaya a kilobit 60, minti 40 ɗinsa zai ci megabayit 18, idan sashen kyamara ya manne da iyakar 250 zai ci 37.5, a haɗa da sauti jimilla ta zama kusan 77. Tazarar megabayit 23 ba ta da yawa a lacca ɗaya, amma a kwas mai lacca 12 ta kai megabayit 276 ga kowane ɗalibi. Haka kuma an san mafi munin abin da zai iya faruwa, domin ko da laccar gaba ɗaya ta manne da iyaka, kilobit 298 a awa ba zai wuce kusan megabayit 134 ba. An rage firem zuwa 15 a sakan aka bar tsayin hoton a 720 da gangan, saboda ɗalibi zai jure motsin da ba shi da santsi, amma ba zai amfana da lissafin da ba ya karantuwa ba.

Inda ake samun matsala

Iyakar ba ta aiki sai da `bufsize`, wanda shi ne girman ma'ajin da manhajar ke ƙaddara cewa wayar mai kallo tana tara bayanai a ciki, kuma shi ke ba da damar a ɗan wuce iyaka na ɗan lokaci. Wannan yana da tasiri a lacca fiye da sauran bidiyo, domin duk lokacin da silaid ya sauya sai an aiko da sabon hoto kusan cikakke. Idan ma'ajin ya yi ƙanƙanta, alamar ita ce sabon silaid ya fito dishi-dishi, sannan rubutun ya washe bayan sakan ɗaya ko biyu, maganin kuma shi ne a faɗaɗa ma'ajin kafin a taɓa lambar inganci. Ninki biyu na iyakar wuri ne mai kyau na farawa.

Alama ta biyu ita ce bitiret ɗin da x264 ke nunawa a ƙarshen aiki ya yi daidai da iyakar. Wannan na nufin iyakar ce ke mulki, lambar ingancin ba ta aiki, kuma galibi hatsi-hatsin kyamara ne sanadi. A nan tace hoton da `hqdn3d` kafin matsewa ya fi ɗaga lambar amfani, ko da yake tacewa mai tsanani takan shafe siririn rubutun alli, kuma ƙwan fitila ɗaya da aka ƙara a ɗakin naɗi ya fi duka biyun araha. Ana iya gano waɗannan matsaloli ba tare da matse awa guda ba, ta hanyar yanko minti biyu daga kowane sashe da `-ss` da `-t`, a gwada 26 da 28 da 30, a duba sakamakon a ƙaramar waya maimakon babbar kwamfutar ofis.

Dukkan wannan lissafi yana rushewa idan dandalin da aka ɗora bidiyon yana sake matse shi, kamar yadda YouTube ke yi, da kuma WhatsApp idan ba a matsayin fayil aka tura shi ba. Amma inda sashen karatu ke raba fayil ɗin da kansa, zagaye biyu ya cancanta ne kawai idan akwai girman da ba a yarda a wuce ba, kamar iyakar da shafin makaranta ya sa wa abin da ake ɗorawa, kuma ko a nan ya kamata a haɗa shi da `maxrate`. A sauran lokuta, `crf` mai iyaka shi ne zaɓin da ya dace da lacca.