Ijma'i: Hujjar Da Malaman Usulu Suka Ɗaukaka Kuma Suka Tsananta Wa Sharuɗɗa

Ijma'i shi ne tushe na uku na hukuncin shari'a a wajen malaman Sunna, bayan Alƙur'ani da Sunna, kafin a zo kan ƙiyasi. Ma'anar da littattafan usulul fiƙihu suka tsaya a kanta ita ce haɗuwar dukkan mujtahidan al'ummar Annabi Muhammadu (SAW), bayan wafatinsa, a wani zamani, a kan wani hukunci na shari'a. Kowace gaɓa ta wannan ma'ana akwai abin da aka kore da ita. An ce mujtahidai domin a fitar da gama-garin jama'a. An ce dukkansu domin rinjaye kawai bai isa ba. An ce bayan wafati domin a zamanin Annabi maganarsa ce hujja, ko an haɗu ko ba a haɗu ba. Ɗalibin da ya haddace wannan a Waraƙat ta Juwaini yakan ɗauka haka abin yake tun farko, alhali sai da aka shafe fiye da ƙarni uku ana muhawara kafin ma'anar ta zauna.

Muhawarar ta fara ƙarfi ne a kan Madina. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, yakan kafa hukunci a Muwaɗɗa da abin da mutanen garinsa suka haɗu a kai suna aikatawa. A ganinsa nan ne aka saukar da yawancin hukunce-hukunce, nan Annabi ya zauna da sahabbansa, saboda haka aikin da 'ya'ya suka gada daga iyaye a wannan gari ruwaya ce mai rai. Ya rubuta wa Laisu ɗan Sa'adu, malamin Masar, wasiƙa yana yi masa nasiha kan saɓa wa mutanen Madina. Laisu ya amsa cikin girmamawa, ya tuna masa cewa sahabbai da yawa sun bar Madina sun bazu a Sham da Iraƙi da Masar da iliminsu, kuma malaman Madina su kansu sun saɓa wa juna.

Imamu Shafi'i, almajirin Malik da ya rasu a 204, ya ɗauki wannan suka ya faɗaɗa ta. Ya yarda ijma'i hujja ne, amma na malaman al'umma baki ɗaya. Da aka zo kan misalan da za a iya rantsuwa a kansu, sai ya taƙaita ga irin abin da babu malamin da za a tambaya face ya faɗe shi kuma ya ce haka ya samu daga magabata, kamar kasancewar Azahar raka'a huɗu da haramcin giya. Imamu Ahmad ɗan Hambali, wanda ya rasu a 241, ya fi tsanantawa. An ruwaito yana ƙaryata mai saurin da'awar ijma'i, yana cewa ina ya san ko mutane sun saɓa, abin da ya dace ya faɗa shi ne bai san wani saɓani ba. Dawud Azzahiri, da Ibn Hazm na Andalus bayansa, suka ce ijma'in sahabbai kaɗai ake dogara da shi, tunda su ne ake iya ƙidayawa a san maganarsu.

Malikawa ba su bar maganar Madina ba, sai dai sun tace ta. Albaji, wanda ya rasu a 474, da Alƙali Iyal mai littafin Ashafa, wanda ya rasu a 544, sun raba aikin mutanen Madina gida biyu. Akwai wanda aka gada hannu da hannu tun zamanin Annabi, kamar girman mudu da sa'i, da lafazin kiran salla, da barin karɓar zakka a kan kayan lambu. Wannan hujja ce yankakkiya domin daidai yake da ruwayar jama'a masu yawa daga jama'a masu yawa. Akwai kuma wanda malaman Madina suka kai gare shi da ijtihadinsu, wanda manyan masu tantancewa na mazhabar suka ce ba ya ɗaure sauran malamai. Labarin Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, yana nuna ƙarfin kashi na farko. Mutanen Kufa suna cewa sa'i ridili takwas ne. Da ya zo Madina aka kawo masa ma'aunan da jikokin sahabbai suka gada a gidajensu, ya auna ya tarar ridili biyar da sulusi ne, sai ya koma ga maganar Malik. Da wannan rabe-rabe aikin Madina ya tashi daga babin ijma'i ya koma kusa da babin ruwaya, kuma nan ne wurin da ya fi dacewa da shi.

Sai kuma tambayar da Nazzam, ɗaya daga Mu'utazilawan Basra, ya tayar: mene ne dalilin cewa haɗuwar mutanen da kowannensu zai iya kuskure ba za ta zama kuskure ba? Malamai sun kawo aya ta 115 a Suratun Nisa'i, wadda ta yi gargaɗi ga mai bin hanyar da ba ta muminai ba. Sun kawo hadisan da ke cewa al'umma ba ta haɗuwa a kan ɓata. Gazali, wanda ya rasu a 505, ya faɗi gaskiya a Mustasfa cewa ayar ba nassi ce yankakkiya a kan wannan batu ba, kuma kowane ɗaya daga hadisan ruwayar ɗaiɗaiku ce. Abin da ya dogara da shi shi ne hadisan sun yi yawa, lafazi daban-daban amma ma'ana ɗaya, har ma'anar ta kai matsayin da ba a shakka.

Mas'alar auli a rabon gado ita ce ta fi nuna inda sharuɗɗan suke cizo. Mace ta rasu ba ta da ɗa, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Alƙur'ani ya ba miji rabi, ya ba 'yan'uwan biyu bisa uku. Idan aka kasa dukiya shida, miji yana da uku, su suna da huɗu, jimla bakwai, ga shi kuwa kashi shida ne a ƙasa. An ruwaito irin wannan ta zo gaban Halifa Umar, ya tara sahabbai, aka ba shi shawara a yi kamar yadda ake yi wa masu bin mamaci bashi idan dukiyarsa ta gaza, wato kowa ya ɗauki nasa kason na giɓin. Aka mayar da asalin rabon bakwai. A gadon naira 700,000, miji zai karɓi 300,000, 'yan'uwan su raba 400,000. Ba a ji wanda ya musa ba a lokacin.

Bayan rasuwar Umar sai Abdullahi ɗan Abbas ya bayyana cewa bai yarda ba. A ra'ayinsa akwai magadan da idan rabonsu ya ragu yakan sauka ne zuwa wani rabo ƙayyadadde, kamar miji da mata da uwa, to waɗannan a cika musu nasu. Akwai kuma waɗanda sukan koma cin abin da ya saura, kamar 'ya'ya mata da 'yan'uwa mata, to giɓin ya faɗa kansu. A wancan lissafi miji zai karɓi 350,000, 'yan'uwan su raba 350,000. Da aka tambaye shi me ya hana shi faɗa tun Umar yana raye, sai ya ce kwarjininsa ne.

Wannan amsa ta zama makami a hannun masu ƙin abin da ake kira ijma'in shiru, wato wasu mujtahidai su yi fatawa, ta yaɗu, sauran su yi gum. Yawancin Hanafawa da Hambalawa sun ƙidaya shi ijma'i, bisa hujjar cewa malami ba ya ganin kuskure a addini ya kame baki. Shafi'i ya ce ba a jingina wa wanda ya yi shiru magana, domin shiru yana iya zama na tsoro, ko na girmamawa, ko na mai nazari da bai gama ba, ko na wanda yake ganin mas'alar ijtihadi ce ba a yi wa juna inkari a kanta. Ko waɗanda suka karɓe shi sun gindaya sharuɗɗa: maganar ta isa ga kowa, a sami lokacin nazari, kada a ga alamar tsoro. Da yawa kuma sun ce hujja ce ta zato mai rinjaye, ba ta kai yaƙini ba. Wannan matsaya ta tsakiya ta fi kusa da adalci, domin mafi yawan abin da ake kira ijma'i a littattafan fiƙihu irin wannan ne.

Mas'alar auli ta taɓo wasu iyakoki biyu. Ta farko, ko saɓanin mutum ɗaya yana rushe ijma'i. An jingina wa Ɗabari cewa saɓanin ɗaya ko biyu ba ya cutarwa, amma jamhuru suka ce yana rushewa, domin kariya daga ɓata an ba al'umma ce gaba ɗayanta, kuma sahabbai ba su ɗauki Ibn Abbas a matsayin wanda ya keta haddi ba. Ta biyu, ko haɗuwar na baya tana goge saɓanin na farko. Mazhabobi huɗu duk sun tafi a kan auli, har Ibn Ƙudama ya faɗa a Mugni cewa bai san mai bin ra'ayin Ibn Abbas a zamaninsa ba. Yawancin Hanafawa suka ce irin wannan haɗuwa ijma'i ce da ke rufe ƙofa. Juwaini da Gazali suka ce ra'ayi ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. Ibn Hazm kuwa ya ci gaba da kare maganar Ibn Abbas a ƙarni na biyar.

Jamhuru sun kuma sharɗanta cewa dole ijma'i ya kasance da madogara daga nassi ko ƙiyasi, ko da ba a ruwaito ta ba, domin malamai ba su da ikon ƙirƙirar shari'a ko shafe aya. Sudusin kaka misali ne: Abubakar bai yanke shi ba sai da Mugira ɗan Shu'uba ya kawo hukuncin Annabi, Muhammadu ɗan Maslama ya shaida.

Wasu malamai sun yi ƙoƙarin tattara mas'alolin da aka haɗu a kansu, kamar Ibnul Munzir a littafinsa na ijma'i da Ibn Hazm a Maratibul Ijma'i. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728, ya bi littafin Ibn Hazm ya fito da wuraren da aka ce an haɗu alhali akwai saɓani sananne. Malikawan baya ma sukan gargaɗi ɗalibai su bincika kafin su karɓi duk ijma'in da Ibn Abdil Barri ya ambata, duk da girmansa a hadisi. Hanyar gwajin ita ce a koma littattafan da suka adana fatawoyin sahabbai da tabi'ai, irin Musannaf na Abdurrazzaƙ da na Ibn Abi Shaiba. Idan aka sami mujtahidi ɗaya da ya saɓa da ingantacciyar ruwaya, da'awar ta sauka zuwa ra'ayin jamhuru.

Bambancin matakan ijma'i yana da nauyi a hukuncin wanda ya musanta shi. Malaman usulu, kamar yadda Subki ya tsara a Jam'ul Jawami'i, sun ce wanda ya musanta abin da kowane Musulmi ya sani dole daga addini, irin wajabcin salla da haramcin zina, ya kafirta, domin a haƙiƙa saƙon Annabi ya ƙaryata. Amma ijma'in da malamai kaɗai suka sani, kamar ba 'yar ɗa sudusi idan tana tare da 'ya ɗaya ta cikin mamaci, ba a kafirta wanda ya musanta shi, ko da akwai hadisi a kansa.