Mallaka

Mallaka (suna, mace). Jingina abu ga wani. Iri biyu ce: rabau, wato abin da ake iya sayarwa ko kyautarwa, kamar riga da keke; da manne, wato gaɓoɓin jiki da dangin jini.

Bahaushen Zango a Wagadugu ba ya rarrabewa: hannuna, ubana, dokina, duk ɗafi ɗaya ne. Maƙwabcinsa mai jin Jula kuwa sai ya rarrabe. Yakan ce *n bolo*, hannuna. *N fa*, ubana. Amma *n ka so*, gidana. Kalmar *ka* ita ce alamar rabau, ba a sa ta gaban uwa ko ƙafa. Mai koyon Jula ya kiyaye wannan.