Gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato ta 2021: me muka koya?

Duk lokacin da hunturu ya shigo, iska ta fara kaɗawa, sai in tuna ranar Talata 19 ga Janairu, 2021. Ran nan ne da safe wuta ta kama Babbar Kasuwar Sakkwato, wadda ake kira Kasuwar Shehu Shagari, mu kuma muke ce mata Sabuwar Kasuwa. Wuta ta wuni tana ci, hayaƙi ya turnuƙe gari, aka ƙiyasta fiye da rabin kasuwar ya tafi. Gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya zo ya duba, manya suka yi ta zuwa jaje, har gwamnan Ribas na lokacin, Nyesom Wike, ya ba da gudummawar naira miliyan 500. Wata biyu tsakani, ran 22 ga Maris, sai ga Babbar Kasuwar Katsina ita ma ta kama. Kafin su duka, a Maris ɗin 2016, Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi irin wannan asara.

A ran nan wani kawuna yana da shagon atamfa a ciki. Ya iso wuta ba ta kawo layinsu ba, makulli yana hannunshi, amma bai fitar da ko turmi goma ba. Lungun ya cushe da mutane da baro da teburan da aka kafa a tsakiyar hanya. Har yau in ana zancen, abin da yake cewa shi ne wuta ta ba shi lokaci, hanya ce ta hana shi. Tun ran nan na daina tambayar inda tartsatsi ya fito kawai, don tartsatsi shago ɗaya yake ƙonawa. Abin da ke kai shi shago dubu, mu ne muka tara shi da hannunmu cikin shekaru.

A kasuwar kakanninmu, rumfuna ne na zana da kara da itace. Suna cin wuta, gaskiya ne, amma da yamma kowa yakan kwashe hajarshi ya kai gida, kuma babu wayar lantarki ko ɗaya. In an kashe murhun mai tuwo da tukubar mai nama, kasuwa ta kwana lafiya. Da aka gina Sabuwar Kasuwa da bulo da siminti, layi-layi da ƙofofi da hanyoyin mota, sai aka ga kamar an rabu da matsalar. To amma gari ya cika, 'yan kasuwa suka ninka. Mai shago ya ƙara rumfar kwano a gaba, ya ba wani haya. Wancan ya kafa tebur gaban rumfar. Kaya kuma suka koma kwana a kasuwa, katifa da roba da yadi an jibge har rufi. Kowa taku ɗaya ya ci, amma taku ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu, shekara da shekaru, shi ya mai da titi lungu.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Faɗin motar kashe gobara ya kai wajen mita biyu da rabi, kuma tana son hanya mai kusan mita huɗu kafin ta wuce ta yi aiki. Ruwan da irin motocin da muka saba gani ke ɗauka bai fi lita dubu huɗu zuwa biyar ba, kuma mesa ɗaya tana iya zubar da lita 400 ko fiye a minti guda. Wato cikin minti goma tanki ya kusa ƙarewa. In motar ta tsaya a bakin ƙofa saboda tebura, kuma babu wurin ɗibar ruwa a cikin kasuwar, to kafin ta je ta dawo wuta ta tsallaka layi biyu. Kun ga ke nan zagin 'yan kwana-kwana da muke yi bayan kowace gobara, rabinshi kanmu ya dace ya koma.

Sai batun waya, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro. Siririyar wayar nan da masu gyaran wuta ke kira 1.5, an yi ta ne don fitilu. In tagulla ce ta gaske, abin da take ɗauka lafiya bai wuce wat 3,400 ba. Mu ɗauka an ja ta daga shago ɗaya an raba wa shaguna biyar, kowa da ƙwai biyu da fanka, duka wajen wat 750. Lafiya lau. Sai biyu suka sayi firiza, ƙarin wat 400. Tela ya jona dutsen guga, 1,200. Da sanyi ya shigo, yaron shago ya tsoma hita a bokiti, 1,500. An kai 3,850, an haye iyaka, kuma babu wanda ya sani, don kowa nashi kawai yake gani. Abin da mutane ba su lura da shi ba: in nauyin da ke kan waya ya ninka sau biyu, zafinta sau huɗu yake ninkawa. Balle a ce wayar jabu ce, ko an yi mata mahaɗi da hannu an naɗe da leda.

Fis shi ne mai gadin da ya kamata ya yanke wuta a nan. Amma me muke yi? In ya cika tsinkewa, sai a ɗaura mishi waya mai kauri don a huta. Daga ran nan wayar da ke cikin silin ita ta zama fis, a saman dilar atamfa. An ɗauke wuta da la'asar, kowa ya kulle ya tafi bai kashe komai ba, aka maido ta da dare babu kowa. Sauran labarin kun san shi.

Kuma waya tana gargaɗi kafin ta kama. In ka taɓa ta ka ji ɗumi, in soket ya yi baƙi ko ya narke, in kana jin ƙaurin roba, in ƙwai yana dusashewa duk sanda maƙwabci ya kunna wani abu, to ka kira mai gyara ran nan, kada ka bari sai gobe. Wutar lantarki ko ta fetur ɗin janareto kuma ba a watsa mata ruwa. A yanke layin tukuna, a sa yashi ko tukunyar kashe wuta.

Bayan babbar gobarar Landan ta 1666, doka aka kafa cewa da bulo ko dutse za a sake gini, aka kuma faɗaɗa wasu tituna. Mu kuma mun saba, da an gama jaje sai tebur ya koma inda yake. Ƙaddara gaskiya ce, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Don haka ga roƙona ga shugabannin layi. Ku auna hanyarku da tef, ku ja layin fenti da ba mai ƙetarawa, ko ɗan wane ne. Kowane shago ya samu burekarshi, kowane layi kuma ya samu babban makashi ɗaya a waje, wanda mai gadi zai sauke bayan an tashi. Kai kuma ɗan'uwa, gobe in ka buɗe shago, ɗora hannu kan wayarka da rana tsaka, ka zo nan ka gaya mana abin da ka ji.

Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, Ya tsare kasuwanninmu. Amin.