Jadawalin abincin mako ga matashin ɗan ƙwallo: abin da zai ci da lokacin da zai ci shi

Matashin da ke buga ƙwallon ƙafa sau huɗu ko biyar a mako yana ciyar da abu biyu a lokaci guda: jikin da ke girma, da jikin da ke gudu a fili. Idan abinci ya gaza, alamar farko ita ce ƙafafu su yi nauyi bayan an dawo daga hutun rabin lokaci. Daga nan sai yaro ya koma ga abin da ya fi kusa da hannu, wato lemon kwalba, biskit, cincin, fanke da lemon ƙara kuzari na gwangwani. Jadawalin da ke ƙasa an gina shi ne a kan misalin yaro ɗan shekara 15 mai nauyin kilo 55, ɗan makaranta a gari mai zafi irin Garwa da ke arewacin Kamaru, wanda ke atisaye da yamma ranakun Litinin, Laraba da Alhamis, ya yi mai sauƙi ranar Juma'a, ya buga wasa ranar Asabar. Wanda nauyinsa ya bambanta sai ya sake lissafin da nasa kilon.

Inda kuzarin gudu yake fitowa

Iyaye da yawa sun ɗauka nama ne ke ba ɗan wasa ƙarfin gudu. Nama na gina tsoka ne da gyara ta. Abin da tsoka ke ƙonawa lokacin gudu mai tsanani shi ne sitaci, irin wanda ke cikin gero, dawa, masara, shinkafa, dankali, rogo da burodi. Jiki na mayar da shi sukari, ya adana a cikin tsoka da hanta a matsayin wani sinadari da ake kira gilaikojin. Rumbun nan ƙarami ne. Wasa ɗaya na minti 90 na iya cinye rabinsa ko fiye, kuma cika shi na ɗaukar yini guda zuwa biyu, in har ana cin abinci sosai.

Ƙwararrun da hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta tara sun fitar da shawara a 2020 cewa ɗan wasa na bukatar giram 3 zuwa 8 na sitaci da sukari a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, gwargwadon nauyin aikin ranar. Ga yaro mai kilo 55, ranar hutu giram 4 a kilo sun isa, wato kusan giram 220. Ranar atisaye a kai shi 6, giram 330 ke nan. Jajiberin wasa kuma 7, kusan giram 385. Saboda haka kwanon abincinsa ba zai zama iri ɗaya kullum ba, zai riƙa ƙaruwa yana raguwa tare da aikin fili.

Ba sai an sayi sikeli ba. Mulmular tuwo ɗaya da aka tuƙa da gari giram 100 na ɗauke da sitaci kusan giram 70. Farantin dafaffiyar shinkafa mai giram 250 ma haka. Ayaba matsakaiciya ɗaya na da kusan 25, ƙananan dabino biyar ma kusan 25.

Ranar Litinin, daga safe zuwa dare

Da safe kafin makaranta, yaron zai sha kofin koko babba da sukari cokali ɗaya, ya ci kwata na dogon burodi da dafaffen ƙwai biyu. Wannan ya ba shi sitaci kusan giram 75. A hutun ƙarfe goma, maimakon biskit, ayaba ɗaya da gyaɗa cikin tafin hannu. Wajen ƙarfe ɗaya na rana ne babban abincin yini: shinkafa da wake, faranti cike, da mai kaɗan, tumatir da albasa, wanda ya kai giram 90. Idan atisaye na farawa ƙarfe huɗu da rabi, akwai fiye da awa uku tsakani, kuma lokacin da ciki ke bukata ke nan don ya sarrafa abinci mai nauyi.

Saura awa ɗaya a shiga fili, dabino biyar da ruwa. Da an tashi, kafin ma ya yi wanka, fura da nono kofi babba. A nan ne yara da dama ke yin asara, domin a awannin farko bayan motsa jiki tsoka ta fi saurin mayar da abin da ta ƙona, amma sai yaro ya tsaya hira a bakin fili har isha'i da cikinsa wayam. Fura da nono ta dace da wannan gurbi fiye da yawancin abin da ake sayarwa a gwangwani, tunda ta haɗa sitacin gero, furotin na nono da ruwa a kofi ɗaya. Sharaɗi dai nonon ya kasance an tafasa madararsa, ruwan damun kuma mai tsabta ne.

Da dare, tuwon masara ko na dawa mulmula ɗaya babba da miyar kuka ko yakuwa, da kifi yanka guda kamar girman tafin hannunsa. Idan aka tara, sitacin yinin ya kai kusan giram 335. Furotin kuwa, daga ƙwai, gyaɗa, wake, nono, kifi da hatsin kansa, ya kai kusan giram 80, wato giram ɗaya da rabi a kan kowane kilo, wanda ya wadatar da matashi mai wasa. Abin lura, babu ko tsoka ɗaya ta jan nama a wannan lissafi.

Sauran ranakun mako

Laraba da Alhamis suna bin tsarin Litinin, sai dai a sauya kayan don kada ya gundura. Kunun gyaɗa na iya maye gurbin koko, alale ya maye gurbin ƙwai. Da rana a yi ɗan wake, ko dafaffen dankalin Hausa da miyar gyaɗa, ko dambu da zogale. Tun da ranakun biyu suna jere, abincin daren Laraba shi ne man da za a yi aiki da shi ranar Alhamis, don haka kada a bar shi ya kwanta da shayi da burodi kawai.

Talata da Lahadi hutu ne. A cire dabinon yamma da furar bayan fili, a rage tuwo kaɗan, a ƙara ganye da 'ya'yan itace na lokacin, mangwaro, gwaiba, gwanda ko kankana. Ba a taɓa ƙwai, wake da nono, domin a ranar hutu ne jiki ke gyara tsoka. Idan gida na sayen nama ko hanta sau ɗaya a mako, Lahadi ce ranar da ta fi dacewa. Wannan kuma ita ce ranar da zai iya cin ƙosai ko tsire ba tare da wata illa ga wasansa ba. Hana yaro ɗan shekara 15 komai da komai ba ya ɗorewa, a ɓoye zai riƙa ci.

Ranar Juma'a aiki kaɗan ne a fili, abinci kuma ya fi na kowace rana yawa. A ƙara rabin faranti na shinkafa ko taliya da rana, a ƙara rabin mulmula da dare, da ayaba ɗaya. Ranar Asabar, idan wasa ƙarfe huɗu ne, babban abinci ya kasance tsakanin sha biyu da ɗaya: farar shinkafa da miya marar mai da yawa, da ƙwai ko kifi kaɗan. A ajiye wake, kabeji, yaji mai yawa da duk wani soyayyen abu zuwa bayan wasa, saboda suna daɗewa a ciki ko su kumbura shi. A hutun rabin lokaci, rabin ayaba ko dabino biyu da ruwa. Kada a gwada sabon abinci ranar wasa.

Lemon kwalba da lemon ƙara kuzari

Gwangwanin lemon kola mai santilita 33 na ɗauke da sukari kusan giram 35, ba furotin, ba sinadarin ƙarfe, ba kalsiyam. Ba wai sukarin ba ya ba da kuzari ba ne. Matsalar ita ce yana cike gurbin abincin da zai ba yaron waɗancan abubuwa, alhali matashi na bukatar kalsiyam kusan miligiram 1,300 a rana don ƙashinsa, kofin nono ɗaya kuma na ba shi kusan 300. Fanke da cincin kuwa mai ne ya yi musu yawa, suna zama a ciki lokacin da ake son jiki ya yi sakayau.

Lemon ƙara kuzari ya fi su haɗari. Ƙaramin gwangwani mai mililita 250 yakan ƙunshi kafeyin kusan miligiram 80. Kafeyin ɓoye gajiya yake yi na ɗan lokaci, kuma idan aka sha shi da yamma yana hana barci, ga shi matashi na bukatar barcin awa takwas zuwa goma. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana tun 2011 cewa irin wannan abin sha bai dace da yara da matasa ba.

Ruwa da zafin rana

A Garwa, Marwa ko Njamena zafi na wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kuma ƙishin ruwa kaɗai na iya kawo gajiyar da za a ɗora wa yunwa. Yaron ya sha rabin lita awa biyu kafin fita, ya riƙa kurɓa duk lokacin da aka tsaya. Idan mai horarwa na da sikeli, a auna shi kafin atisaye da bayansa. Kilo ɗaya da ya ragu na nufin kusan lita ɗaya ta zufa, kuma za a mayar da lita ɗaya da rabi a hankali cikin 'yan awanni. Ga mai kilo 55, raguwar da ta wuce kilo ɗaya na nuna bai sha isasshe a fili ba. Idan babu sikeli, a duba fitsarin safe: mai haske ya nuna ruwa ya isa, mai duhu kamar shayi ya nuna bai isa ba. Gishirin da ya fita da zufa, miyar dare na mayar da shi.

A watan azumi tsarin na juyewa. Ya fi aminci a mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa baki, a raba abinci da ruwa tsakanin magariba da sahur.

Idan gajiyar ba ta tafi ba

A ba jadawalin mako uku zuwa huɗu. Idan yana aiki, yaron zai kai ƙarshen atisaye da sauran ƙarfi, ba zai riƙa gyangyaɗi a aji ba, nauyinsa kuma zai tsaya ko ya ɗan ƙaru. Idan yana ramewa, abincin ne bai kai ba, sai a ƙara fura ko kunu sau ɗaya a rana.

Amma idan yana ci sosai kuma har yanzu yana haki da wuri, yana jiri, cikin fatar idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, wannan ya wuce batun tukunya. Ƙarancin jini ya zama ruwan dare a yankin, kuma zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki ko tsargiya na iya zama sanadi, musamman ga yaran da ke wanka a kogi ko tafki. Gwajin jini, fitsari da bahaya a asibiti ne zai tantance, kuma kada a sayo masa maganin ƙarin jini a kasuwa kafin a gwada. Abin da gida zai iya yi tun yanzu shi ne raba shayi da lokacin cin abinci da aƙalla awa ɗaya, domin shayi na rage tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, sannan a matsa lemon tsami a kan abinci ko a haɗa shi da gwaiba, waɗanda ke ƙara tsotsarsa.