Matakai uku na ƙimar kadara: yadda rufe kasuwa ke mayar da farashi hasashe

Adadin da ake rubutawa gaban kadara a rahoton kuɗi ba duka ke da tushe ɗaya ba. Wani farashin kasuwa ne da kowa zai iya gani, wani kuwa kintace ne na mai kadarar. Ƙa'idar da ta bambanta su ita ce IFRS 13, wadda hukumar IASB ta fitar a 2011, ta fara aiki a Janairun 2013, kuma kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari ta Najeriya suna bin ta. A wurinta, ƙima ta adalci ita ce kuɗin da za a samu da an sayar da kadarar a ranar lissafi, a cinikin da ba na tilas ba.

Matakan uku

Mataki na 1 shi ne farashin kadara iri ɗaya sak a kasuwar da ke ci kullum, ba tare da gyara ba. Hannun jarin Dangote Cement misali ne: kowane ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa, kuma ana wallafa farashinsa.

Mataki na 2 ya dogara da bayanan da ake iya gani amma sai an daidaita su, kamar farashin kadara mai kama. Saniya ba ta zama daidai da wata, amma a kara ana ganin abin da aka biya wa mai irin shekarunta da jikinta.

Mataki na 3 shi ne inda babu ciniki da za a duba, sai mai ƙiyasi ya kawo zatonsa game da abin da masu saye za su biya. Ƙa'idar ta ce idan zato guda yana da tasiri babba a lissafin, to duka ƙimar ta faɗa wannan mataki, komai ingancin sauran bayanan.

Darasi daga ƙasar Ruma

A ƙarshen Agustan 2021, gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya sa hannu a dokar daƙile matsalar tsaro. Dokar ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Batsari da Safana masu iyaka da dajin Rugu, ta kuma hana fitar da shanu a mota zuwa wasu jihohi. Shanun ba su canza ba, amma shaidar farashinsu ta ɓace.

A ƙaddara wani kamfani yana da shanu 200 a yankin a irin wannan lokaci. Kasuwa mafi kusa da yake iya kaiwa tana sayar da irinsu a kan naira 400,000, kuɗin kaiwa kuma 10,000 ne kowace. Jimilla naira miliyan 78, kuma duka alƙaluman biyu ana iya bincika su.

Sai dai mai saye zai rage wani abu saboda haɗarin sata a hanya, kuma babu inda aka rubuta nawa zai rage. Idan akanta ya ɗauki kashi 10 cikin ɗari, garken ya zama naira miliyan 70.2. Idan ya ɗauki kashi 30, ya zama miliyan 54.6. Tazarar miliyan 15.6 ta fito ne daga zato guda, ba tare da an sayar da ko ɗan maraƙi ba.

Illar ba ta tsaya nan ba. Ƙa'idar lissafin noma, IAS 41, tana sa canjin ƙimar dabbobi kai tsaye cikin riba ko asara. Idan bara an rubuta garken a kan miliyan 60, zaton farko zai nuna ribar miliyan 10.2, na biyu kuma asarar miliyan 5.4. Da irin wannan riba ta takarda ake iya neman bashin banki ko jawo masu zuba jari, alhali wanda ya zaɓi kason yakan kasance mai amfana da shi.

Yadda ake ganewa

Mataki na 3 ba laifi ba ne. Inda kasuwa ta mutu babu wata hanya. Abin da ƙa'idar ta wajabta shi ne bayyanawa. A bayanan da ke bin rahoton, ƙarƙashin `Level 3`, dole kamfani ya faɗi hanyar da ya bi, alƙaluman zaton da ya yi amfani da su, ribar da bai karɓa a hannu ba, da yadda ƙimar za ta motsa idan zaton ya sauya.

Alamu uku ne ke sa shakku: ƙimar da ke hawa alhali ciniki ya tsaya, kadarar da aka mayar Mataki na 3 ba tare da dalili ba, da ribar da mafi yawanta ba ta zama tsabar kuɗi ba. Hujja mafi ƙarfi takan zo ne ranar da aka sayar da kadarar: a kwatanta kuɗin da aka karɓa da adadin da aka rubuta kafin nan.