Tsarin rabon maki: makin hanya da makin amsa

Tsarin rabon maki takarda ce da hukumar jarrabawa ke bai wa masu duba takardu, wadda ke fayyace inda kowane maki yake a cikin amsa. A jarrabawar lissafi ta hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da kuma ta hukumar Cambridge, ba amsar ƙarshe kaɗai ake dubawa ba. Ana rarraba makin tambaya a kan matakan aiki, kowane mataki da harafinsa. Ɗalibin da ya san ma'anar haruffan nan yana iya duba aikinsa da kansa, ya gane takamaiman layin da maki ya kuɓuce masa.

Haruffa uku

Harafin M makin hanya ne. Ana ba da shi idan ɗalibi ya ɗauko ƙa'idar da ta dace kuma ya zuba lambobin tambayar a cikinta, ko da daga baya ya yi kuskuren ƙidaya. Rubuta ƙa'ida tsurarta, ba tare da an sa lambobi ba, yawanci ba ya kawo wannan maki.

Harafin A makin amsa daidai ne, kuma ya rataya ne a kan M da ya gabace shi. Idan hanyar ta ɓaci, makin A ya tafi, ko da an yi katari amsar ta fito daidai.

Harafin B maki ne mai zaman kansa, wanda ake bayarwa don wani abu guda da aka rubuta daidai, kamar karanta lamba daga jadawali. Lambar da ke gaban harafi ita ce yawan makin: M1 maki ɗaya ne na hanya.

Misali

A ce kewayen wata da'ira santimita 44 ne. Sashen (a) ya nemi r, wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar da'irar da bakinta, sashen (b) kuma ya nemi girman filinta, da π = 22/7. Tsarin zai iya zama haka:

(a) 2 × 22/7 × r = 44, M1; r = 7, A1
(b) 22/7 × 7², M1, 154, A1

Ɗalibi na farko ya rubuta layin farko daidai, amma wajen rabawa ya samu r = 6. A sashen (a) yana da M1 A0. A sashen (b) ya rubuta 22/7 × 6², ya samu kusan 113.14. Hanyarsa daidai ce, don haka M1 nasa ne duk da cewa lambar da ya ɗauko daga sama gurguwa ce. Amsarsa ba 154 ba ce, saboda haka A0. Jimilla maki 2 cikin 4.

Ɗaliba ta biyu ta manta da 2 ɗin da ke cikin ƙa'idar, ta rubuta 22/7 × r = 44, ta samu r = 14. Rabawarta ba ta da aibi, amma ƙa'idar ce ta karye, don haka M0 A0. A sashen (b) ta rubuta 22/7 × 14², ta samu 616, ta ci M1. Jimilla maki 1.

Alamar ft

Wani lokaci ana sa ft kusa da makin A. Ma'anarta a bi ɗalibi da lambarsa, kada a hukunta shi sau biyu a kan kuskure ɗaya. Da akwai ft a sashen (b), ɗalibi na farko zai koma maki 3, ta biyun kuma maki 2, tunda kowannensu ya ƙidaya daidai da lambar da ke hannunsa. Inda aka rubuta cao kuwa, amsar da ke cikin tsarin kaɗai ake karɓa. Ɗalibi ba zai bai wa kansa rangwamen ft ba sai ya gan shi a rubuce.

Yadda ake duba kai

Sai an gama amsa tambayar tukuna ake buɗe tsarin. A ɗauki alƙalami mai wani launi, a bi aikin layi bayan layi, ana rubuta M1 ko M0, A1 ko A0 a gefen layin da ya jawo shi. Sharaɗin shi ne a ba da maki ga abin da ke kan takarda kawai, domin mai dubawa ba ya ganin lissafin da aka yi a ka. Wanda ya rubuta amsa tsirara inda aka ce a nuna aiki yana iya rasa M da A gaba ɗaya.

Daga nan a ware makin da aka rasa gida biyu. Yawan M0 na nuna ba a fahimci darasin ba, sai an koma an sake koyonsa. Yawan M1 A0 na nuna an gane hanya, gaggawa ko rashin sake duba ƙidaya ne ke cin makin.

Iyakarsa

Tsarin kan nuna hanya ɗaya ko biyu ne kawai, alhali wata ingantacciyar hanya dabam ma tana cin cikakken maki. Ɗalibin da ya bi hanyar da ba ta cikin takardar bai kamata ya yanke wa kansa sifili ba, sai ya kai wa malamin lissafi ya auna matakansa da na tsarin.