Ƙarancin jinin da garkuwar jiki ke haddasawa, da gwajin Coombs

Jajayen ƙwayoyin jini kan yi kwana 120 suna aiki kafin su tsufa. A wannan ciwo, garkuwar jiki ce ke kuskure, ta ƙera sinadaran da ake kira antiko, su manne wa ƙwayoyin mutum na kansa, a farfasa su tun kafin lokacinsu. Mai ciwon kan yi fama da kasala da haki, idonsa ya yi ɗorawa kamar na mai shawara, fitsarinsa ya yi duhu.

Antiko ɗin iri biyu ne. Na ɗumi, wato IgG, shi ya fi yawa, kuma yana aiki a zafin jiki na digiri 37. Ƙwayoyin da ya manne wa, galibi a saifa ake cinye su. Yakan zo shi kaɗai, ko tare da ciwon lufus ko sankarar jini, ko bayan shan wasu magunguna irin su metildofa na hawan jini.

Na sanyi, wato IgM, yana kama ƙwayoyin ne a inda jiki ya fi sanyi: yatsu, kunnuwa da hanci. Idan jinin ya koma cikin jiki ya ɗumama, sai IgM ya saki, amma ya bar wani furotin a jikin ƙwayar, wanda ke sa hanta ta cinye ta. Shi ya sa ciwon kan tsananta lokacin hunturu, yatsu su yi shuɗi.

Robin Coombs da abokan aikinsa suka bayyana gwajin a 1945. Ana wanke jajayen ƙwayoyin majinyaci, a zuba musu wani ruwa mai kama antiko na ɗan Adam. Idan akwai abin da ke manne da su, sai su dunƙule. Idan takardar sakamako ta nuna IgG, alamar na ɗumi ce. Idan ta nuna C3d kaɗai, wato ragowar furotin ɗin nan, an fi zaton na sanyi.

Misali, mace mai kilo 60 ta zo da idanu ɗorawa da ƙarancin jini, ba a ga maleriya ba, ba ta da sikila, kuma gwajin ya nuna IgG. Likita kan fara mata da firednizon, miligiram 1 ga kowane kilo, wato 60 a rana. Da C3d kaɗai aka gani, wannan magani ba ya yin tasiri sosai. Guje wa sanyi shi ne matakin farko.

Gwajin yana nuna abin da ke manne da ƙwaya ne kawai, ba ya tabbatar da cewa tana fashewa. Yakan nuna alama ga wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, kamar masu sikila. Don haka sai an haɗa shi da awon bilirubin da na sababbin ƙwayoyin jini kafin a yanke hukunci.